Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Injin Niƙa Mai Lantarki Zafi da Rage Gudu

Injin da ake magana a kansa a nan shi ne irin wanda ake gani a bakin kasuwa da cikin unguwanni, mai faranti biyu na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a kafe ɗaya yana juyawa, wanda motar lantarki ke ja ta hanyar bel. Da shi ake markaɗen tattasai da attaruhu da waken ƙosai, da shi kuma ake niƙa masara da dawa da gero. Idan irin wannan inji ya fara zafi yana rage gudu, abin da yawancin masu shi ke fara yi shi ne su ɗauko sifana su ƙara ɗaure bel. Wani lokaci hakan yakan yi magani, amma sau da yawa bel ɗin ba shi da laifi, santsin da yake yi alama ce ta cewa wani abu ya yi wa injin nauyi, kuma idan aka ɗaure shi tamau sai nauyin ya koma kan motar, ita kuma kwayil ɗinta, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone. Saboda haka aikin farko shi ne a gano inda zafin yake fitowa, a kuma tantance ko motar ce ke rage gudu ko kuwa kan injin ne kaɗai.

Kunne da bayan hannu kafin sifana

A bar injin ya yi aiki da kayan da ya saba niƙawa har matsalar ta bayyana, sannan a saurara da kyau. Idan ƙarar motar ba ta canja ba, tana nan tana gudunta, amma kan injin ya yi sanyi, ana jin ƙugi mai tsini da warin roba, to bel ne ke santsi a kan fuli, wato kewayayyen ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa. Idan kuwa muryar motar ce da kanta ta yi ƙasa, ta koma gurnani mai nauyi, fitilar shagon ma ta ɗan dusashe, to bel yana riƙe da kyau, motar ce ta kasa ɗaukar kayan da aka ɗora mata, ko kuma wutar da ke isa gare ta ba ta kai ba. Waɗannan hanyoyi biyu ne daban, kuma duk binciken da zai biyo baya ya dogara da wannan bambanci.

Daga nan a kashe injin, a zare filogi daga soket gaba ɗaya, ko a sauke makunnin da ke bango idan an haɗa waya kai tsaye, a jira komai ya tsaya cak. Kada a kusanci bel da babbar riga ko mayafi ko hannun riga mai faɗi ko da injin yana ƙarasa juyinsa na ƙarshe ne. Sai a bi wurare huɗu da bayan hannu, a taɓa a ɗauke da sauri: jikin motar, ƙaramin fulin da ke kan motar, gidajen boris da ke riƙe da sandar injin, da murfin da faranti ke ciki. Motar da ke aiki daidai takan yi zafi, wannan ba abin tsoro ba ne, domin jikinta yana iya kaiwa digiri 60 ko fiye ba tare da wata illa ba. Abin lura shi ne wurin da ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Ƙaramin fuli mai ƙuna alhali jikin motar da sauƙi yana nuna santsin bel. Gidan boris guda ɗaya mai zafi yana nuna boris ɗin ya bushe ko ya mutu. Murfin faranti mai zafi, tare da gari ko markaɗe da ke fitowa da ɗumi sosai, yana nuna haƙora sun cinye ko an matse su fiye da kima. Idan kuma hanci ya ji warin fenti mai ƙuna daga cikin motar, a dakata da duk wani gwaji, domin rufin wayoyin kwayil ne ya fara dahuwa.

Raba motar da injin

Mataki na biyu shi ne a sassauta notocin da suka riƙe motar a kan gindinta, a turo ta gaba, a cire bel da hannu ba tare da an banƙare shi da sukurdireba ba, saboda banƙarewa tana tsinka zaren da ke cikinsa. Yanzu an sami abu biyu da za a gwada kowanne shi kaɗai.

A juya fulin motar da hannu. Ya kamata ya juya sumul, ba ƙara, ba tsayawa a wani wuri. A kama shi a girgiza sama da ƙasa. Idan yana motsi ana jin ƙwas-ƙwas, boris ɗin motar ya tafi. A leƙa murfin fankar da ke bayan motar, domin a shagon niƙa wannan wuri ne da ake mantawa da shi: ƙurar gari takan haɗu da danshi ta toshe ramukan murfin, ta kuma cike tsakanin haƙarƙarin da ke jikin motar, waɗanda aikinsu shi ne fitar da zafi. A kwance murfin, a goge da busasshen buroshi, a duba ko fikafikan fankar ba su karye ba kuma tana riƙe da sandarta. Akwai motocin da wannan shara kaɗai ke raba su da zafin. Bayan an mayar da murfi, a kunna motar ita kaɗai na minti goma. Idan ta tashi nan take, ta yi gudu da murya ɗaya, ta ɗan yi ɗumi kawai, to lafiyarta ƙalau, a nemi laifin a gaba. Idan ta yi gurnani ta ƙi tashi sai an juya ta da hannu, ko ta yi zafi sosai ba tare da kaya ba, to matsalar tana cikinta, galibi kafasita ce ta raunana, wato ɗan gwangwanin nan da ke taimaka mata wajen tashi, ko makunnin cikinta da ke cire kwayil ɗin tayarwa bayan ta ɗauki gudu ya maƙale. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, don haka wanda bai san yadda ake sauke ta ba kada ya taɓa bakinta.

Sai a koma kan injin. A sassauta abin matse faranti har su rabu, a juya babban fuli da hannu. Idan yana da nauyi ko yana kartar wani abu duk da an sassauta, ko dai boris ne, ko sandar ta lanƙwashe, ko kuma akwai abin da ya maƙale a ciki. Boris mai ƙara kamar an zuba masa yashi ba ya gyaruwa da giris, sai canji, kuma lambarsa tana rubuce a gefensa, da ita ake zuwa kasuwa. Wanda ya bushe kawai a sa masa giris daidai, kada a cika gidan maƙil, domin giris mai yawa shi ma yana kawo zafi.

Faranti da haƙoransu

Nan ne ya kamata a daɗe, saboda a nan yawancin matsalar take farawa. A kwance murfin, a fito da faranti biyun, a wanke su, a kai su wurin haske. Farantin da ke da lafiya haƙoransa suna da baki, idan aka bi su da ɗan yatsa ana jin suna kamawa, kuma kwarin da ke tsakaninsu yana da zurfin da kaya za su bi su fita. Farantin da ya cinye kuwa bakin haƙoran ya zama shafaffe yana ƙyalli, musamman ta gefen waje inda niƙa ke ƙarewa. Irin wannan ba ya yanka ƙwaya, murza ta kawai yake yi. Mai inji ya ga gari yana fita da tsaki-tsaki, sai ya ƙara matsewa, ƙarfe ya hau gugar ƙarfe, ƙarfin motar ya riƙa tafiya wajen yin zafi maimakon niƙa. A nan ne kuma ake samun garin da ya yi duhu da markaɗen da ke da baƙin ratsi, domin ɓarɓashin ƙarfen yana shiga cikin abincin mutane. Wannan dalili kaɗai ya isa a daina aiki da farantin da ya shafe.

A duba yadda cinyewar ta kasance. Idan ta zagaye farantin daidai wa daida, tsufa ne kawai, a kai wa masu wasa faranti su sake fitar da haƙoran, ko a sayi sababbi idan kaurin ya ragu sosai ko an ga tsaga. Ana wasa su ko canja su biyun tare, domin sabo ɗaya da tsoho ɗaya ba sa zama daidai. Idan kuwa gefe guda ne ya cinye ɗayan gefen yana nan da haƙoransa, to farantin bai zauna daidai a mazauninsa ba. Sau da yawa busasshen ƙullu ne ko tsatsa a bayansa ya ɗaga shi, ko an ɗaure noti ɗaya tamau kafin sauran. A kankare mazaunin tas, a ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, har su yi daidai. Idan aka yi haka kuma har yanzu faranti yana taɓawa a wuri ɗaya a kowane zagaye, sandar ce ta lanƙwashe, sabon faranti ma zai cinye haka nan cikin ɗan lokaci.

Wani lokaci haƙoran suna nan da kaifinsu, kwarin ne ya cike. Yaji mai ƙuli-ƙuli, da gyaɗa, da waken suya, duk suna da mai, kuma man yakan haɗu da gari ya daskare a cikin kwarin har farantin ya zama kamar shafaffe. Buroshin ƙarfe da ruwan zafi suna fitar da shi. A duba kuma murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura kaya zuwa ga faranti, domin zaren buhu da leda sukan naɗe a jikinsa, tsakuwa ko ƙusa kuma takan maƙale a bakinsa. Wanda injinsa mai wuƙaƙe ne ko mai guduma da rariya, binciken kusan ɗaya ne: a duba ko bakin wuƙaƙen ya dakushe ya zama kewayayye, a duba ko ramukan rariyar sun toshe, kuma a canja wuƙaƙen a matsayin saiti guda domin kada nauyinsu ya bambanta injin ya riƙa girgiza.

Wajen mayar da faranti, ga yadda ake saita su. Ba tare da wuta ba, a riƙa matsewa ana juya fuli da hannu har a ji sun fara shafar juna, sannan a ɗan koma baya kaɗan har ƙarar ta ɗauke, a nan ne mafarin aiki. Ana ƙara matsewa ne bayan kaya sun shiga tsakaninsu, ana sassautawa kuma kafin kayan su ƙare. Bayan wasa ko canji, a fara niƙa dusa ko ɗan hatsin da za a zubar, domin ya kwashe ɓarɓashin ƙarfen farko.

Bel da fuli

Bel mai siffar V yana riƙe fuli ne da gefunansa biyu, cikinsa bai kamata ya taɓa ƙasan kwarin fulin ba. Don haka a leƙa ƙasan kwarin: idan yana ƙyalli kamar an goge shi, bel ya sirance ko kwarin ya buɗe, ya zauna a ƙasa, kuma duk yadda aka ɗaure shi zai ci gaba da santsi. A lanƙwasa bel ɗin a duba tsagewa a cikinsa, a duba ko gefunan sun yi sulɓi suna sheƙi saboda ƙuna, a duba ko giris ko ruwan markaɗe ya zuba a kansa. Wanda ya tsage ko ya yi sheƙi a canja shi. Lambarsa tana bayansa, harafi da adadi. Mai harafin A faɗinsa milimita 13 ne, mai harafin B kuma milimita 17, kuma ba a sa ɗaya a kwarin ɗaya. Inda fuli ke da kwari biyu, a canja bel biyun tare, in ba haka ba sabon ne zai ɗauki kayan duka.

Kafin a ɗaure, a shimfiɗa miƙaƙƙen katako ko a ja zare a fuskar fuli biyun. Ya kamata ya taɓa kowanne a gefe biyu. Idan akwai rata, a gyara zaman motar, domin fulin da ya karkace yana cin gefe ɗaya na bel yana kuma zafafa shi. Game da ɗauri, ƙa'idar da aka sani ita ce idan aka danna tsakiyar bel da babban yatsa da matsakaicin ƙarfi, ya nutsa kimanin milimita 16 a kan kowace mita ɗaya ta tazarar da ke tsakanin fulin biyu. Tazarar rabin mita ke nan tana son nutsewar kimanin milimita 8. Wanda ya wuce haka sosai zai yi santsi, wanda kuma ya yi tauri kamar tsirkiyar baka zai kashe boris ɗin motar da na injin. Sabon bel yakan miƙe a kwana ɗaya ko biyu na farko, sai a sake duba shi. Dabarar shafa wa bel kwalta ko wani abu mai danƙo don ya daina ƙugi ba ta da amfani, tana ɓoye alamar ne kawai tana kuma tara ƙura.

Kaya da wuta

Idan faranti da bel sun fita daga zargi, saura nauyin aikin da kuma wutar. Injin yana son a tayar da shi babu kaya a cikinsa, faranti a sassauce, ya ɗauki cikakken gudu, sannan a fara zuba kaya kaɗan-kaɗan. Motar irin wannan takan ja wutar da ta ninka ta aikinta sau biyar ko fiye a lokacin tashi, kuma idan aka tayar da ita da kaya a ciki wannan lokaci yakan yi tsawo har kwayil ya sha wuya. Wajen zubawa, kunne ne ma'auni: da zarar muryar motar ta fara sauka, a rage hannu har ta dawo.

Yanayin kayan ma yana da tasiri ƙwarai. Busasshen hatsi yana niƙuwa da sauƙi, jiƙaƙƙe kuma da ake markaɗawa da ruwa, kamar geron kamu ko waken ƙosai, shi ma yana wucewa lafiya muddin ana bin sa da ruwa. Wanda ke wahalar da inji shi ne na tsakiya, wato masara ko dawar da aka surfa aka wanke aka kawo niƙa ba ta gama shan iska ba. Irin wannan takan zama ƙullu a tsakanin faranti ta toshe kwarin. A ciji ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotse a mayar da ita a baza. Masara mai tauri kuma gara a bi ta sau biyu, a ɓarza da farko sannan a matse a niƙa, da a ce sai ta yi laushi a bi ɗaya.

Wutar gida a Nijeriya volt 230 ce a ƙa'ida, kuma mota takan jure ragin kashi goma cikin ɗari, wato zuwa wajen volt 207. Ƙasa da haka, tana ƙara jan wuta domin ta riƙe kayan, zafinta ya ƙaru, ƙarfinta ya ragu. Dole a auna wutar a bakin motar lokacin da take cikin niƙa, domin awon da aka yi a soket injin yana kashe ba ya nuna komai. Idan matsalar tana zuwa ne da yamma kawai, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, kusan tabbas wuta ce. Siririyar waya mai tsawo ita ma tana cin nata rabon, kuma filogi ko soket mai zafi yana nuna haɗin ya yi sako-sako.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki inji mai motar doki uku, wato kilowat 2.2, wadda aka rubuta a allon jikinta cewa tana juyi 1,440 a minti kuma tana jan wuta amfiya 14. Tana nesa da mitar wuta da tazarar mita 30, an ja mata waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5. Ƙorafin shi ne bayan kwano kaɗan na masara sai ta fara gurnani, jikinta ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Sauraro ya nuna muryar motar ce ke sauka, ba ƙugin bel, don haka an san nauyi ne ko wuta. An cire bel, motar ta yi gudu ita kaɗai lafiya. An buɗe faranti, an tarar gefen waje ya shafe, an wasa su. Zafin ya ragu amma bai tafi ba, kuma mai gyaran lantarki ya maƙala na'urar awonsa a waya ya ga amfiya 17 lokacin niƙa, sama da abin da allon ya yarda.

Sai aka auna fuli. Na injin inci 10 ne, na motar inci 5, alhali asalinsa inci 4 ne, an canja shi ne domin aiki ya yi sauri. Lissafin gudun injin shi ne gudun motar a ninka da faɗin fulinta a raba da faɗin fulin injin. Da inci 4, 1,440 sau 4 a raba da 10 ya ba da juyi 576 a minti. Da inci 5 ya zama 720, ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan, kuma motar ce ke biyan wannan ƙari. Wayar ma tana da nata laifin: mita 30 zuwa da dawowa mita 60 ce, kuma a kaurin 1.5 tana zubar da kimanin volt 10 idan ana jan amfiya 14, fiye da haka idan jan ya ƙaru. Idan wutar ta iso gidan tana 215, abin da ke kaiwa ga motar bai wuce 205 ba. Waya mai kaurin 2.5 za ta rage asarar zuwa wajen volt 6, mai kaurin 4 kuma zuwa ƙasa da volt 4.

Gyaran da ya dace a nan shi ne a mayar da fuli mai inci 4, a daidaita shi da babban da zare, a ɗaure bel gwargwadon tazararsa, a canja wayar zuwa mai kauri, sannan a sake awo ana cikin niƙa masarar. Idan na'urar ta nuna amfiya 14 ko ƙasa da haka kuma muryar motar ta tsaya a wuri ɗaya har aka gama kwano goma, an rabu da matsalar. Idan har yanzu tana haura 14 duk da an rage hannu wajen zubawa, to motar ta yi wa wannan kan inji ƙanƙanta, ko kuma zafin da ta sha a baya ya riga ya taɓa kwayil ɗinta, sai a kai ta wurin masu naɗi su auna ta kafin a ci gaba da aiki da ita.